Yadda na gyara na'urorin auna danshi a gonarmu ta Maiwurno

Na'urori shida na kafa a gonar audugarmu da ke kusa da Maiwurno, kowace tana aiko da ma'aunin danshin ƙasa duk bayan minti 15 ta LoRa, wani nau'in rediyo mai kai ɗan saƙo nesa ba tare da cin batiri sosai ba. Lokacin gwaji, sa'ad da gona take fili, saƙo yana isowa daga nisan kilomita 2 ba tare da tangarɗa ba. Amma da auduga ta yi tsayi, sai biyu mafi nisa suka riƙa yin shiru, RSSI ɗinsu, wato ƙarfin siginar da ke isowa, ya faɗi zuwa -121 dBm, wanda ya kusa iyakar abin da ake iya ji a SF7, saitin rediyon da na sa su a kai.

Kuskuren da na fara yi shi ne mayar da su SF12, saitin da ya fi kai saƙo nesa amma ya fi jinkiri. Saƙo ya dawo, sai dai kowace aikawa ta koma ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya, batiri kuwa a nan yake ƙarewa. Ainihin matsalar ganye ne mai ruwa da ya rufe eriya a tsayin gwiwa. Na ɗaure kowace a kan gora mai mita 3, na koma SF9.

Da na auna, matsakaicin abin da na'ura take ja 0.2 mA ne, wato batirin 3000 mAh zai kai kwana 625 a lissafi. Na ɗauki shekara guda kawai, domin zafin rana yana cin batiri.