Yadda ake zaman bita bayan aiki ba tare da ɗora wa wani laifi ba

Ana yawan tambayata yadda ake irin wannan zama, to ga yadda nake yi.

1. Ku zauna cikin sati guda da gama aikin, kafin a manta.
2. Wani daban ya ja zaman, banda shugaban aikin, don in oga ne a gaba kowa shiru zai yi.
3. Ku jera abin da ya faru da kwanan wata a allo.
4. Ku tambaya "me ya sa?", banda "wa ya yi?". Hattara, nan ake kwafsawa. In rahoto ya makara kwana 3 kar a ce wane ne, a bi sawu, sai ka ga ashe mutum ɗaya ke sa hannu kuma ya tafi hutu ba mataimaki.
5. Ku zaɓi gyara 2 ko 3 kawai, misali naɗa mataimakin.
6. Kowane gyara a ba shi mai shi da ranar gamawa.