Kurakuran rubutu a shafukan PowerPoint da ake kai wa shugabanni

Shugaban da ke zaune gaban majigi ba ya iya karatu da sauraro lokaci guda. Da shafi ya bayyana cike da rubutu, idonsa zai tafi can, kai kuwa kana ta magana ba mai jin ka. Yawancin kurakuran da ake yi daga nan suke tasowa.

Mafi yawa shi ne kan shafi da bai ce komai ba. Sai ka ga an rubuta "Rahoton bashi" ko "Ciniki, zango na uku". Wannan sunan batu ne kawai, bai gaya wa manaja abin da ya faru ba. A ce kamfanin rarraba shinkafa yana bin diloli naira miliyan 40, kuma miliyan 28 na hannun mutum uku. Kan shafin sai ya zama: "Diloli uku ke riƙe da miliyan 28 cikin miliyan 40 da muke bi". A ƙasansa a sa jadawali ɗaya, a bambanta ukun nan da launi, shi ke nan. Ko wayar shugaba ta yi ƙara ya fita, ya riga ya tafi da saƙon.

Daga nan sai cusa saƙo biyu ko uku wuri guda. Mai rahoton bashin nan zai so ya ƙara dalilin taruwar bashin, da shawarar dakatar da ba su kaya, duk a shafi ɗaya, wai don kada shafuka su yi yawa. Ai shafi ba da kuɗi ake sayensa ba. Raba su uku: abin da ya faru, dalilinsa, sai abin da kake so a yanke. Alamar da za ka gane kuwa mai sauƙi ce. Idan kan shafin bai tsaya ba sai ka sa "kuma" ko "sannan" a tsakiya, shafi biyu ne ka haɗe.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne binne babbar magana a ƙasa, domin ya taɓa shiga cikin sanadin asarar rayuka. A 2003, lokacin da kumbon Columbia ke sararin samaniya, injiniyoyin Boeing sun gabatar wa manajojin NASA bayani kan guntun soso mai kare zafin tankin mai, wanda ya ɓalle ya bugi fiffike yayin tashi. Kan wani shafi ya yi kama da mai kwantar da hankali. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka sa alkaluman da ke nuna cewa guntun ya ninka wanda aka yi gwaji da shi girma sau 640, wato gwajin bai isa a dogara da shi ba. Kumbon ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu, mutum bakwai suka rasu, kuma kwamitin bincike ya soki yadda aka dogara da irin waɗannan shafuka. A ofis ma haka abin yake. Idan labari marar daɗi ne, a saman shafi ya kamata ya zauna, da manyan haruffa. Kunyar shugaba ba hujja ba ce ta tura shi layi na shida.

Sai yawan kalmomi. PowerPoint na rage girman haruffa da kansa idan rubutu ya cika akwati, don haka da ka ga harafi ya sauko daga 24 zuwa 14, rubutun za ka rage. Goge duk abin da bakinka zai faɗa, ka mayar da shi sashen Notes, inda kai kaɗai kake gani. Amma kada ragewar ta kai ga cinye ma'ana. "Matsalar sufuri" gajere ne, sai dai ba a san ko mota ce ta lalace ko man dizal ne ya yi tsada ba. "Motoci biyu cikin biyar na gareji" ya fi shi tsawo kaɗan, ya kuma ba shugaba abin kamawa. Haka "an samu ci gaba sosai": nawa, kuma idan an kwatanta da yaushe?

Shafin ƙarshe ma ana ɓata shi da "Mun gode". Godiya da baki ake yi. Shafin nan shi ke daɗewa a bango yayin muhawara, saboda haka a rubuta buƙatar a kai: "A amince a dakatar da ba diloli uku kaya har su biya rabi".

Kafin ranar taro, buɗe Outline View ka karanta kawunan shafukan kaɗai, daga farko zuwa ƙarshe. Ka ba wani abokin aiki da bai san batun ba shi ma ya karanta, ka tambaye shi me ake so shugabanni su yanke. Inda ya tsaya yana tambaya, nan ne shafin da za ka sake rubutawa.