Kafin ku sa hannu a takardar rance

'Yan uwa, wata 'yar kasuwa a nan Sakkwato ta turo min hoton takardar rancenta daga ƙaramin banki: naira 120,000, ruwa kashi 5, wata 6.

Da farko ku ɗauki hoton taku takardar, ku zuƙo shi ku duba harafin da ke bin lambar ruwan. "p.m." na nufin duk wata, "p.a." kuma duk shekara, kuma a hoto mai dishi-dishi suna kama da juna. Nata duk wata ne.

Sai ku nemi kalmar "flat". In tana nan, a kan asalin kuɗin ake lissafa ruwa har ƙarshe: 6,000 sau shida, wato 36,000. Jimilla 156,000, za ta riƙa biyan 26,000 duk wata.

In kuwa "reducing" aka rubuta, ruwan yana bin abin da ya rage ne. Idan tana rage 20,000 daga uwar kuɗi duk wata, za ta fara da 26,000, sai 25,000, har ta sauko 21,000. Ruwan duka 21,000 ke nan, ta tsira da 15,000.

Don Allah ku ɗauki hoton shafi na biyu ma, ku duba ko akwai kuɗin fom da inshora.