Yadda na gyara takardar bayanin rarar kuɗin da muka kashe a Maris

Manaja ya mayar da takardar farko, domin jimla kawai na rubuta: an ware wa ma'ajiyarmu ta Kakuri ₦2,000,000, an kashe ₦2,430,000. Kuskuren shi ne ban raba rarar ₦430,000 gida-gida ba.

Dizal ne ya ci ₦330,000, shi na fasa biyu. Kasafi ya tanadi lita 800 a kan ₦1,200, mu kuwa mun sayi lita 920 a kan ₦1,402 da 'yan kwabbai, wato ₦1,290,000. Ƙarin lita 120 a tsohon farashi ya kama ₦144,000, saboda yawan ɗauke wuta. Sauran ₦186,000 tashin farashi ne, wanda ba ya hannunmu. Wannan rabuwar ita ce abin da manaja yake nema, domin yawan lita kaɗai za mu iya ragewa.

Gyaran janareta ya ƙara ₦140,000, sufuri kuma ya ragu da ₦40,000. Na rubuta ragin a fili, don in an ɓoye shi lissafi ba zai haɗu ba.

Na rufe da cewa: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a gyara farashin dizal a kasafin Afrilu."