Daidaita fuskar da aka ɗauka cikin ɗaki da hasken rana

A ma'aunin launin haske na Kelvin, inda ƙaramar lamba ke nufin haske mai ja-ja, fitilar ɗaki mai ruwan ɗorawa tana kusa da 2700K, ranar tsaka kuwa kusan 5500K, shi ya sa fuskar ke fitowa jawur idan aka ɗora ta a hoton da aka ɗauka a rana.

Da farko buɗe Curves a Photoshop, wato abin gyara haske da launi, ka maƙala shi kan fuskar kaɗai. Rage Red kaɗan, ka ɗaga Blue, har goshi ya yi daidai da wuya ko hannun da rana ta haska. Idan fatar ta soma yin toka-toka, ka wuce gona da iri, koma baya.

Sannan ƙara haske a goshi da kumatu ta gefen da rana take. Duhunta ƙarƙashin hanci da haɓa, domin inuwar rana kaifi gare ta.

Inuwar nan ka sa mata ɗan shuɗi.