Babi na Shida: Rubuta Abin da Kake Son Gani a Wurin Kujera

Darasi na 1

Ga hoton da za mu yi aiki da shi: ɗaki mai shuɗin bango, ƙasa ta siminti, ga farar kujerar roba mai majingina a tsakiya. Muna so mu cire ta mu sa ƙaramar kujerar katako marar majingina, irin wadda ake zama a kai a tsakar gida. Manhajarmu ita ce Stable Diffusion, mai zana hoto daga rubutu, a shafin AUTOMATIC1111. Ku taɓa img2img, sannan ku taɓa Inpaint, ku ɗora hoton.

A babin da ya wuce kun koyi shafa fenti a kan abin da za a canza. Ku shafe kujerar gaba ɗaya: majingina, hannaye, ƙafafu huɗu, har da inuwarta a ƙasa. In kun bar inuwar, sabuwar kujera za ta fito da inuwar tsohuwa.

Yanzu ku duba sama. Akwai akwatunan rubutu guda biyu. Na farko sunansa Prompt. A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali.

A cikin Prompt, ana rubuta abin da ake son gani ne. Ba a rubuta abin da ake son cirewa. Ku sake karanta wannan da ƙarfi.

Ɗalibi yakan rubuta haka:

```
remove the chair and put a stool
```

Wato ya ce a cire kujera a sa ƙarama. Ga mutum, wannan magana daidai take. Amma manhajar ba ɗan aike ba ce. Duk sunan da ta gani a akwatin, ƙoƙarin zana shi take yi. Ta ga chair, sai ta zana kujera mai majingina, ko ta haɗa biyun ta fito da wata aba mai guntun baya. Ba laifinku ba ne in hakan ta faru, kusan kowa da haka yake farawa.

To ku goge, ku rubuta wannan, harafi bayan harafi:

```
a low round wooden stool, three legs, on a cement floor, blue wall behind
```

Ma'anarsa: gajeriyar kujerar katako mai zagayayyen mazauni, ƙafa uku, a kan siminti, shuɗin bango a bayanta. Ku sa yatsa ku bi layin. Kun ga chair a ciki? Babu. Kun ga remove? Babu. Madalla.

Me ya kawo bango da siminti? Tsohuwar kujera doguwa ce, sabuwar gajera. Wurin da majinginar take zai zama fili, kuma dole manhajar ta cika shi da wani abu. In ba ku ce mata bango ba ne, tana iya miƙa kujerar ta yi tsawo don ta cika wurin. Me ya kawo low kuwa? Domin stool kaɗai yakan jawo doguwar kujera irin ta mashaya mai ƙafafun ƙarfe.

Ku danna Generate.

Darasi na 2

Har yanzu ina ganin masu rubuta no backrest a cikin Prompt, wai don kada a yi majingina. Haba jama'a! Me muka ce? Kun ambaci majingina, majingina za ku iya samu. Manhajar ba ta cika kula da no ba. Abin da ba ku so yana da nasa akwatin, na biyu, mai suna Negative prompt. Can za ku rubuta:

```
chair, backrest, armrest
```

Akwatin sama na abin da ake so, na ƙasa na abin da ba a so. Ku rubuta wannan a littafinku sau uku, don na gaji da ganin chair a akwatin sama.

In rubutunku daidai ne amma siffar tsohuwar kujera tana nan, ku duba Denoising strength. Lambarsa daga 0 zuwa 1 take. In tana ƙasa, kamar 0.4, manhajar tana manne wa tsohon hoto. Ku kai ta 0.75 ko sama. A ƙarƙashin Masked content kuma ku zaɓi fill maimakon original.

Darasi na 3

Ku canza ƙafa uku zuwa huɗu: three legs ya koma four legs. Ku danna Generate, ku ƙirga ƙafafun da suka fito. In ba su cika ba, ku sake dannawa, domin kowane dannawa hoto dabam yake bayarwa.

Darasi na 4

Ku kawo hoton wata kujera daga wayarku, ku yi irin na Darasi na 1. Ku nuna wa malami rubutunku kafin ku danna Generate.