Cike gurbin "a" da "an" a takardar aikin Turanci

Idan takardar aikin a hoto ta zo maka, da farko kara girman hoton, domin inuwa kan boye karamar kalma. Kwafe jimlolin a littafi, ka bar gurbin fili.

Sannan furta kalmar da ke bayan gurbi da karfi. Kunne ne alkali a nan, ba ido ba.

"She waited for ___ hour": amsar "an". Harafin h ba ya fitowa a baki, sautin wasali ne ke gaba.

"He is ___ university student": amsar "a". Nan yara ke yawan faduwa, su ga harafin u su rubuta "an", alhali "yu" ake furtawa, kuma y baki ne.

Rubuta dalili a gefen kowace amsa, ka sake karanta jimlar gaba daya.